Ka Biya Netflix a Najeriya, Ka Sauka Ingila: Me Zai Faru?

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu muna ɗauka in ka biya kuɗin wata a Netflix ka sayi duk abin da ke cikinta ke nan. Ba haka ba ne. Abin da ka biya damar kallon fina-finan da aka yarda a nuna a ƙasar da kake zaune ce kawai.

Dalili kuwa shi ne lasisi. Mai fim yana sayar da izinin nunawa ƙasa-ƙasa, na wani ƙayyadadden lokaci, wani sa'in ma da sharaɗin kada kowa ya nuna shi a ƙasar sai wanda ya saya. Ɗauki shirin Friends. A farkon 2020 ya bar Netflix ta Amurka ya koma HBO Max, alhali masu kallo a Ingila sun ci gaba da ganinsa a Netflix ɗinsu. Manhaja ɗaya, kasuwa daban. Fina-finan da kamfanin ya shirya da kuɗinsa ne galibi ake samu ko'ina.

To, a ce ka samu gurbin ƙaro karatu a Ingila. Asusunka bai mutu ba. Da ka hau intanet a can, manhajar za ta gane ƙasar daga adireshin IP ɗinka, sai ta sauya maka jerin fina-finai zuwa na Ingila. Kuɗi kuwa daga katinka na gida za a ci gaba da cira, a naira, sai in ka soke ka sake buɗewa da katin can.

Inda ake shan mamaki shi ne shirin da ka kai rabi. Ka neme shi ka rasa, har a My List. Ba wayarka ce ta lalace ba: in sauran fina-finai suna buɗewa, to lasisin wannan ɗin ne bai kai Ingila ba. Wanda ka sauke a waya ma yana iya ƙin buɗuwa da zarar ka haɗu da intanet ɗin can. Ni dai in ni ne, a jirgi zan ƙarasa abina kafin mu sauka.

Wani zai ce ai sai VPN. Netflix kan gane, ta bar maka fina-finan da take da izininsu a duk duniya kaɗai, ka ga ka rage wa kanka ke nan.

Kada ka auna kowace manhaja da wannan ma'auni. BBC iPlayer a cikin Birtaniya kaɗai take aiki, ranar da ka dawo hutu Kano ta rufe maka ƙofa. Spotify na kyauta kwana 14 yake ba ka a waje, daga nan sai ka sauya ƙasa a asusunka ko ka koma na biya. Kafin ka sabunta kuɗin wata ana gobe tafiya, duba ko manhajar tana aiki a ƙasar da za ka.