Takardar ɗauka: dokoki ga mai yin fim da waya

Rubutun labari yana faɗin abin da za a ce da abin da zai faru ne. Inda waya za ta tsaya da abin da za ta gani kuwa aikin takardar ɗauka ne. Wanda ya je lokeshan babu ita, rana za ta faɗi yana ta "a sake". Ga fitowa ta 4 a matsayin misali: Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ɗanta ya shigo ya miƙa mata sammaci.

Abin da za ka yi

1. Ka ba kowace ɗauka lamba da layinta. 4A: daga nesa, tsakar gida duka, yaro ya shigo. 4B: Inna daga ƙirji zuwa sama, tana magana. 4C: dab da hannunta, takarda tana rawa. Da wannan ta ukun edita zai rufe wurin da bakin Inna ya sarƙe.

2. Ka jera ɗauka bisa wuri da haske, kada ka bi jerin labari. In fitowa ta 4 da ta 9 duk a tsakar gidan suke da hantsi, ka gama su a zama ɗaya kafin inuwa ta gudu.

3. Ka rubuta a saman takarda yadda za a riƙe wayar: a tsaye (9:16) don TikTok, a kwance (16:9) don dogon bidiyon YouTube. Ba a sauyawa a tsakiyar aiki.

4. Ka sa mutum ɗaya kan kwantiniti. Ya rubuta hannun da ya riƙe rariya, ɓangaren da hula ta karkata, da yawan garin da ke cikin faranti. Ya ɗauki hoto ya ajiye.

Abin da ba za ka yi ba

1. Kada ka tsallake layin da ke tsakanin masu magana. In Inna tana dama a 4A, ta zauna a dama har a tashi. Ka zana layin a gefen takarda. In ka koma ɗaya gefen, za a ga su biyun suna kallon wuri guda kamar masu gaba.

2. Kada ka rubuta "a zuƙo da yatsa". Hoto dushewa yake yi. Ka rubuta "a matso taku uku".

3. Kada ka bar waya ta zaɓi haske da kanta. Farar rigar yaron na shigowa, fuskar Inna za ta yi duhu. Ka rubuta "a kulle haske". A iPhone ana danne fuskar ne har AE/AF LOCK ya fito.

4. Kada ka manta da kunne. Ka rubuta lokacin kiran sallah da lokacin da injin markaɗen maƙwabta ke tashi.

5. Kada a naɗe tabarma sai kowane layi ya sha alamar biro, tare da lambar ɗaukar da ta yi kyau. Ɗaukar da ka tsallake yau, gobe Inna ta wanke zanen ta shanya.