Darasi: Tsarin Ci da Sha ga Mai Neman Ilimi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa, sau da yawa muna ganin ɗalibanmu a nan Tabotaki suna gyangyaɗi a kan allo ko littafi, sai a ce lalaci ne. Galibi kuwa rashin tsari ne.

Ku duba yaron da ya sha shayi kofi uku da ƙarfe 9 na dare don ya yi hadda. Sinadarin da ke cikin shayi da goro, mai hana barci, yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki. Ke nan ƙarfe 2 na dare rabinsa yana nan. Barcinsa ba zai yi nauyi ba, kuma da safe abin da ya haddace sai ya zube.

Saboda haka mu auna ranar da lokutan salla. Bayan Asuba ya sha ruwa, ya karya da koko da ƙosai, sannan ya kama karatu mai wuya. Shayin ƙarshe kada ya wuce Azahar. Da rana fura ko abinci kaɗan ya isa, domin cika ciki yana kawo kasala. Ƙailula kada ta wuce minti 30. Duk bayan awa guda ya tashi ya taka na minti 5, ya kurɓi ruwa.

A zafin Afrilu da Mayu, idan fitsari ya yi ja kuma kai yana ciwo, ruwa jiki yake nema. Kada a ƙara masa shayi.

Allah Ya sa mu dace, amin.