Raba Harɗaɗɗun Lambobi: Darasi Daga Injin Niƙa

Gabatarwa

A garuruwan Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa, ba wuya mutum ya ga injin niƙa ko famfon rijiyar burtsatse da ke aiki da motar lantarki. Kafin a ja wa irin wannan inji waya, tilas ne ma'aikacin lantarki ya san yawan wutar da zai ja. Idan ya yi kuskure wayar za ta riƙa zafi, fis ya riƙa ƙonewa, wani lokaci ma a yi gobara. Lissafin da ke ba da amsar rabawa ce, amma ba irin wadda aka koya a firamare ba. Rabawar harɗaɗɗun lambobi ce, wadda ɗalibin da ya nufi karatun injiniyan lantarki a makaranta irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure zai ci karo da ita. Wannan darasi zai nuna yadda ake yin rabawar, da yadda ake zana amsar, da kuma yadda zanen ke tona kuskure.

Mece ce Harɗaɗɗiyar Lamba?

Duk lambar da aka saba da ita, in aka ninka ta da kanta, amsar ba ta yin ƙasa da sifili. Alal misali 3 × 3 = 9, haka kuma (−3) × (−3) = 9. Saboda haka masana lissafi suka kawo wata sabuwar lamba mai suna i, wadda ƙa'idarta guda ce tak: i² = −1. Mutumin Italiya Rafael Bombelli ya tsara dokokin aiki da irin wannan lamba a littafinsa na aljabara na shekarar 1572.

Harɗaɗɗiyar lamba ita ce mai siffar a + bi. Ana kiran a ɓangaren zahiri, b kuwa ɓangaren zato. A cikin 2 + i ɓangaren zahiri 2 ne, na zato kuma 1. Injiniyoyin lantarki kan rubuta j a maimakon i, domin su harafin i na ƙarfin kwararar wuta ne, amma ma'anar ɗaya ce.

Takwara da Amfaninta

Kowace harɗaɗɗiyar lamba tana da abokiyar tafiya da ake kira kwanjuget. A wannan darasi za a kira ta takwara. Ana samun ta ne ta hanyar sauya alamar ɓangaren zato kaɗai. Takwarar 2 + i ita ce 2 − i, takwarar 3 − 4i kuwa ita ce 3 + 4i.

Amfaninta yana fitowa ne idan aka ninka lamba da takwararta:

(a + bi)(a − bi) = a² − abi + abi − b²i² = a² + b²

Kashi biyu na tsakiya sun share juna. Na ƙarshe kuma, tun da i² = −1, ya koma + b². Ke nan amsar lamba ce ta zahiri, babu i a cikinta. A nan dabarar rabawa take. Ba a san yadda za a raba abu gida 2 + i ba, amma kowa ya san yadda ake raba shi gida 5. Idan aka ninka sama da ƙasa da takwarar lambar ƙasa, darajar lissafin ba ta sauya ba, domin da 1 aka ninka, sai dai ƙasan ya zama lambar da aka iya rabawa da ita.

Misali na Farko

A raba 1 + 3i da 2 + i.

Da farko a nemo takwarar lambar ƙasa, wato 2 − i. Sa'an nan a ninka lambar sama da ita, kashi bayan kashi:

(1 + 3i)(2 − i) = 2 − i + 6i − 3i² = 2 + 5i + 3 = 5 + 5i

A lura da yadda −3i² ya zama +3. Daga nan sai a ninka lambar ƙasa da takwararta:

(2 + i)(2 − i) = 2² + 1² = 5

Abin da ya rage shi ne a raba kowane ɓangare na sama da 5:

(5 + 5i)/5 = 1 + i

Kada ɗalibi ya tashi bai tabbatar ba. Idan aka ninka amsar da lambar ƙasa, dole lambar sama ta dawo: (1 + i)(2 + i) = 2 + i + 2i − 1 = 1 + 3i. Ta dawo, saboda haka amsar daidai ce.

Zana Amsar a Fili

Caspar Wessel, wani mai safiyo ɗan ƙasar Norwe, ya wallafa hanyar nuna waɗannan lambobi a zane a shekarar 1799. Jean-Robert Argand ya fito da irinta a Faris a 1806, kuma da sunansa ake kiran zanen a yawancin littattafai. A takardar giraf, layin kwance shi ne na ɓangaren zahiri, layin tsaye kuma na ɓangaren zato. Inda suka haɗu nan ne sifili.

Domin sa 1 + 3i, a tafi dama taki 1, a hau sama taki 3, a sa ɗigo. Domin 2 + i, dama taki 2, sama taki 1. Amsar, wato 1 + i, dama taki 1, sama taki 1. Sai a ja kibiya daga sifili zuwa kowane ɗigo. Takwara ma tana da ma'ana a zanen: 2 − i tana ƙarƙashin 2 + i daidai, kamar layin kwance madubi ne.

Kowace kibiya tana da tsawo da kusurwa. Tsawon, bisa ƙa'idar Fitagoras, shi ne √(a² + b²). Kusurwar kuwa ana auna ta daga layin kwance na dama, a juya saɓanin hannun agogo. Kibiyar 1 + 3i tana da tsawo √10, kimanin 3.16, da kusurwa digiri 71.6. Ta 2 + i tana da tsawo √5, kimanin 2.24, da kusurwa digiri 26.6. Ta amsar tana da tsawo √2, kimanin 1.41, da kusurwa digiri 45.

Mai lura zai ga cewa 3.16 ÷ 2.24 ya ba da 1.41, kuma 71.6 − 26.6 ya ba da 45. Wannan ba dace ba ne, doka ce: a rabawar harɗaɗɗun lambobi, ana raba tsawo da tsawo, a ɗebe kusurwa daga kusurwa. Wato rabawa da 2 + i tana gajarta kibiya, tana kuma juya ta digiri 26.6 zuwa inda hannun agogo ke bi. Da rula da ma'aunin kusurwa malami zai iya nuna wannan a allo.

Inda Ɗalibai ke Tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne raba ɓangare da ɓangare, a ce amsar 1/2 + 3i ce. Idan aka ninka wannan da 2 + i ana samun −2 + 6.5i, wanda ba shi ne lambar sama ba.

Na biyu shi ne manta cewa i² = −1 a lambar ƙasa, sai a rubuta 4 − 1 = 3 a maimakon 4 + 1 = 5. Amsar sai ta fito (5 + 5i)/3. Kusurwarta daidai ce, amma tsawonta 2.36 ne, alhali zanen ya nuna 1.41 ake nema.

Na uku shi ne ɗaukar takwarar lambar sama. Alamarsa a bayyane take, domin (2 + i)(1 − 3i) = 5 − 5i, wato i bai fita daga ƙasa ba.

Akwai kuma tarkon kalkuleta wajen neman kusurwa. Lambobin 1 + i da −1 − i duka suna ba da b/a = 1, sai kalkuleta ta nuna digiri 45 ga kowacce. Amma ta biyun tana hagu ta ƙasa, kusurwarta digiri 225 ce. Wanda ya fara yin zane ba zai faɗa wannan rami ba. Haka kuma hanyar takwara tana aiki ga kowace lamba in ban da sifili, domin a nan ne kaɗai a² + b² ke zama 0.

Misali na Biyu: Motar Injin Niƙa

Wutar da ake rabawa gidaje a Nijeriya mai kai-komo ce, tana cika zagaye 50 a daƙiƙa guda, ƙarfin turawarta kuma kimanin bolt 230 ne. Motar lantarki tana tare wa wuta hanya ta fuska biyu. Akwai tarewar da ke cin wuta ta mai da ita aiki da zafi, wadda ake rubutawa a ɓangaren zahiri. Akwai kuma ta naɗin waya da ke haifar da maganaɗisu, wadda ke jinkirta kwararar wutar, ana rubuta ta a ɓangaren zato. Charles Steinmetz ne ya yaɗa wannan hanya tsakanin injiniyoyi daga shekarar 1893.

A ƙaddara wata mota tana cikin aiki, jimlar tarewarta Z = 8 + 6i ce, a ma'aunin om. Dokar Om ta ce kwarara ita ce I = V/Z. Takwarar ƙasa 8 − 6i ce, kuma 8² + 6² = 100. Saboda haka:

I = 230(8 − 6i)/100 = 18.4 − 13.8i

A zane, ɗigon yana dama taki 18.4, ƙasa taki 13.8. Tsawon kibiyar shi ne 230 ÷ 10, wato amfiya 23, kuma ita ce kwararar da waya za ta ɗauka. Kusurwarta digiri 36.9 ce ƙasa da layin kwance, ma'ana kwararar tana bin bayan turawar da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa.

Da ma'aikacin ya tara 8 da 6 ya sami om 14, da amsarsa ta zama amfiya 16.4. Zafin da waya ke yi yana tafiya ne da kwarara sau kanta, don haka amfiya 23 za ta haifar da zafi kusan ninki biyu na abin da ya yi tsammani. Bugu da ƙari, ɓangaren zahiri kaɗai ke ba da ƙarfin da motar ke ci, wato 230 × 18.4 = wat 4,232. Janareta kuwa dole ya ɗauki kwararar duka, wato 230 × 23 = bolt-amfiya 5,290. Wanda ya dubi wat kaɗai ya sayo janareta mai bolt-amfiya 5,000 zai ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Wannan lissafi na lokacin da motar ta daidaita gudu ne. A lokacin tashi takan ja ninkin wannan sau da yawa na ɗan lokaci, dole kuma a bar wa hakan sarari.

Aikin Gwaji

A raba waɗannan, a zana lambar sama da ta ƙasa da amsar, sa'an nan a auna tsawo da kusurwa.

1. (5 + i)/(1 + i)
2. (4 + 2i)/(3 − i)
3. 1/i
4. A nemo tsawon kibiyar 230/(12 + 5i).

Amsoshi: na farko 3 − 2i, na biyu 1 + i, na uku −i, na huɗu kimanin 17.7. A na uku malami ya sa ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa rabawa da i ke juya kibiya digiri 90 zuwa inda hannun agogo ke bi, ba tare da tsawonta ya sauya ba.