Shatar mota zuwa wurin aiki: yadda za ku raba kuɗin ba tare da an ɓata ba

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare, ma'aikata da yawa suka jingine motocinsu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Wanda yake zaune a Kano yana aiki a Wudil, ko yake kwana a Masaka yana sammako zuwa Abuja, dole ya nemi abokan tafiya. Sai mutum biyar ko shida na ofis ɗaya su haɗu su ɗauki shatar mota da direbanta, ta kai su da safe ta dawo da su da yamma. Dabara ce mai kyau, amma sau da yawa ba ta daɗewa, kuma abin da ke rusa ta kusan kullum ɗaya ne: an tara kuɗin haya da na mai da na direba wuri guda, an raba da yawan mutane, an ce kowa ya kawo kaza a wata. Ranar da wani ya tafi hutu, ko farashin mai ya motsa, sai a rasa inda za a kama lissafin, kowa ya fara ganin shi ake ƙwara.

Shawarata ita ce ku raba kuɗin gida biyu tun daga ranar farko. Akwai kuɗin kujera, wato hayar mota da albashin direba, wanda ba ya canzawa ko an hau ko ba a hau ba. Akwai kuma kuɗin mai, wanda yake bin tafiya da farashin gidan mai. Kowanne da ƙa'idarsa, kuma kada a bari ɗaya ya shiga cikin ɗaya.

Bari mu ɗauki misali. Abokan aiki shida ne, suna tashi daga Hotoro a Kano zuwa Wudil, tafiyar kimanin kilomita 40, a mota Sharon mai ɗaukar mutum shida ban da direba. A ce sun shirya da mai mota a kan naira 110,000 a wata, direba kuma 70,000, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024. Waɗannan alƙaluma na misali ne, ku sa naku a madadinsu. Jimla 180,000 ke nan, kowa 30,000. Wannan kuɗin kujera ne, kuma duk wanda ya shiga tsarin zai biya shi cif, ko ya yi sati biyu a kwance, ko an tura shi kwas. Kamar hayar shago ce: ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba, mai gida zai karɓi kuɗinsa. Direba ya fito, mota ta fito, kujerarka tana nan an bar maka. Idan aka ce wanda bai zo ba ba zai biya ba, to nauyin ya koma kan waɗanda ba su yi laifin komai ba, ko kuma a rage wa direba, wanda shi ne mafi ƙarancin ƙarfi a cikinku.

Mai kuwa, a lissafa shi da lita, kada a lissafa da naira. Nan ne ya kamata ku tsaya ku yi aikin da kyau, domin duk zargin da ke tasowa daga baya a nan yake samo asali. Kada ku tambayi direba nawa motar take sha, kada kuma ku dogara da allurar mai, domin a tsofaffin motoci allura takan daɗe a sama sannan ta faɗi lokaci guda. Ranar Litinin da safe ɗayanku ya bi direba gidan mai, a cika tanki har famfo ya tsaya da kansa. A yi zirga-zirgar sati kamar yadda aka saba. Ranar Juma'a da yamma a koma gidan man nan, in da hali famfon nan, a sake cikawa har ya tsaya. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da motar ta sha a kwana biyar. Sati cikakke nake cewa, ba kwana ɗaya ba, saboda ranaku ba ɗaya suke ba. Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, manyan motocin shanu da na hatsi sukan cushe hanya wajen gada, kuma motar da take tsaye inji na aiki mai take sha ba tare da ta matsa ba. Idan da na'urar sanyaya mota za ku riƙa tafiya lokacin zafi, a yi gwajin da ita a kunne.

A ce lita 45 ta shiga. Lita tara ke nan a rana. Idan lita tana naira 1,000, man yini 9,000 ne, kowa 1,500. A watan da ke da ranakun aiki 22, kowa zai biya 33,000 na mai, a haɗa da 30,000 na kujera, ya zama 63,000. Amfanin riƙe lissafi da lita zai fito ranar da farashi ya tashi. Lita ta koma 1,100, man yini ya zama 9,900, kowa 1,650, ƙarin naira 150 a rana. Ba sai an kira taro ba, ba sai direba ya zo yana rantsuwa cewa kuɗin ba ya isa ba. Ranar da farashi ya sauka kuma, haka za a rage. Idan bayan wata biyu kuka ga lita tara ta daina isa alhali hanya ba ta canza ba, abu biyu ne: ko motar tana neman bakanike, wataƙila fulogi ko matatar iska ko iskar taya, ko kuma ana yin wata tafiya da manku. A fara da sake gwajin tanki kafin a zargi kowa.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ake yawan mantawa da ita ranar ciniki: me motar take yi daga ƙarfe takwas na safe zuwa huɗu na yamma? Idan direba zai zauna ya jira ku, lissafin da ke sama ya wadatar, sai dai a ƙara masa ɗan kuɗin abincin rana a faɗi adadinsa. Idan kuwa zai shiga tasha ya yi lodi zuwa Kano ya dawo, babu laifi, amma da mansa zai yi, kuma kuɗin haya ya kamata ya sauko tunda motar tana nema wa mai ita wani kuɗin. A irin wannan tsari ya fi sauƙi ku ba shi kuɗin lita tara kullum, ku bar masa sauran. Gwajin tankin kuma a yi shi a satin da bai yi lodi ba.

To wanda bai zo ba fa, yaya kuɗin mansa? A gaskiya mota ba ta rage shan mai sosai don mutum ɗaya bai hau ba, saboda haka duk sassaucin da aka yi masa daga aljihun sauran yake fitowa. Duk da haka ina ganin adalci ne a ɗauke wa wanda ya sanar tun da wuri. A ce Hajiya ta ɗauki hutun kwana biyar, ta faɗa tun satin da ya gabata. Za ta biya man kwana 17, wato 25,500. A kwana biyar ɗin da ba ta nan, mutum biyar ne za su raba 9,000, kowa 1,800, don haka man kowannensu a watan ya zama 34,500. Wanda kuwa ya makara, ko ya aiko saƙo da asuba cewa ba zai samu fitowa ba, a rubuta shi cikin waɗanda suka hau. Rashin lafiya da rasuwa daban ne, waɗannan ba a kai su gaban lissafin mai. Mai hutu yana iya ba wani abokin aiki aron kujerarsa idan sauran sun yarda da mutumin, baƙon ya biya man ranar, sauran kuma su huta da ƙarin.

Mai sauka a rabin hanya ya biya kujera cikakkiya, domin ba wanda za a sa a wurinsa, amma a bar masa rabin kuɗin mai. Batun ɗauka a ƙofar gida kuma, ku kashe shi tun farko: a tsayar da mahaɗa ɗaya ko biyu da lokacin tashi, a jira minti biyar, a wuce.

Akwai abin da nake so in ja hankali a kai game da direba. Albashinsa na wata ne, kada a yanke masa don an yi hutun Sallah ko gwamnati ta ba da hutu. A biya shi a ranar da aka yi alkawari, ko da wani a cikinku bai kawo nasa ba. Idan taro ya riƙe ku har bayan Magariba, a ba shi wani abu na ƙarin lokaci, waɗanda suka jawo jinkirin su haɗa. Mutumin da yake riƙe da rayukan mutum shida a kan titi safe da yamma bai kamata ya tuƙa ku yana tunanin cefanen gidansa ba. Idan mai mota ne yake biyansa, ku tambaya ku ji nawa yake ba shi, don direban da ba a biya da kyau ne yake neman cikon a cikin tanki.

Gyara, taya, juyen baƙin mai, inshora da takardun mota duk na mai mota ne, shi ya sa ake biyansa haya. Tarar da aka ci saboda laifin tuƙi ko takarda da ta ƙare ba ta fasinja ba ce. Ranar da mota ta kwana a gareji, ko ya kawo wata, ko a cire masa kuɗin yini: 110,000 a raba 22, naira 5,000. Masu aiki a makarantu su yi maganar dogon hutu da yajin aiki tun yanzu, ko rabin haya za a riƙa biya don a riƙe motar, ko za a sallame ta.

A zaɓi ma'aji ɗaya, kuma kada ya zama shugaban ofis, saboda ƙaramin ma'aikaci ba zai iya ce wa maigidansa lissafi bai yi ba. A karɓi kuɗin wata mai zuwa a cikin kwana uku da shigar albashi, ta banki, don shaida ta zauna. Kowa ya ɗora naira 2,000 a matsayin ajiya saboda tashin farashi a tsakiyar wata. Ma'aji ya riƙe ƙaramin littafi a cikin motar, kullum a rubuta kwanan wata, waɗanda suka hau, da farashin lita, ƙarshen wata ya ɗauki hoton shafin ya tura wa kowa. Mai son fita daga tsarin ya ba da sanarwar wata guda, domin fitar mutum ɗaya tana mayar da kuɗin kujera daga 30,000 zuwa 36,000 a kan kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin da suka rage, kuma suna bukatar lokacin neman wanda zai maye gurbinsa.

Duk wannan bai fi shafi ɗaya ba idan aka rubuta. Ku rubuta shi, ku shida da mai mota da direba kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Idan kun riga kun fara tafiya ba tare da shi ba, ku cika tanki ranar Litinin mai zuwa, ku zauna ranar Juma'a da adadin litar a hannunku.