Rariyar Shirme: Yadda Ƙirgen Haruffa ke Tace Rubutu

A Kalgo, garin da mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, mai wannan rubutu ya yi aikin tace amsoshin da manoman fadama ke turowa ta fom ɗin waya. Cikin amsoshi na gaskiya akan samu irin su `sdfghjkl`, wato mutum ya ja yatsa a kan madannai don fom ya bar shi ya wuce. Karanta su ɗaya bayan ɗaya na cinye yini, shi ya sa ya haɗa 'yar rariya mai ma'auni uku.

Na farko shi ne yawan wasula. Gaɓar Hausa baƙi ce da wasali, wani lokaci da ƙarin baƙi a ƙarshe, don haka wasula kan kai kusan rabin haruffa. A ɗauki jimlar "Mun tafi kasuwa da safe". Haruffanta 19 ne, wasula 9, wato kashi 47 cikin ɗari. Shi kuwa `sdfghjkl` haruffa 8 ne ba wasali ko ɗaya, nan take rariya ta tare shi.

Na biyu shi ne yawan fitowar kowane harafi, dabarar da Al-Kindi ya bayyana a Bagadaza tun ƙarni na 9 don warware rubutun sirri. A Hausa harafin "a" ne kan gaba. A waccan jimlar kaɗai ya fito sau 5. A Turanci kuwa "e" ne. Haka kuma q, v da x ba sa cikin haruffan bokon Hausa, saboda haka amsar da ta cika da su abar tuhuma ce. A nan ne mai aikin ya fara tuntuɓe: ya ɗauko jadawalin Turanci da ya samu a shirye, sai rariya ta riƙa ganin lafiyayyar Hausa a matsayin shirme. Dole ya koma ya ƙirgo nasa jadawalin daga rubutun Hausa.

Na uku shi ne entirofi, wanda Claude Shannon ya gabatar a 1948. Yana auna yadda haruffa suka bazu, da wahalar cinkar harafin da za a ci karo da shi. Ana lissafa shi da rabon kowane harafi, wato `p`:

```
H = -Σ p × log2(p)
```

Amfaninsa na fitowa fili a `hahahaha`. Rabin haruffansa wasula ne, don haka ya tsallake ma'aunin farko lafiya lau. Amma haruffa biyu ne kacal ke maimaituwa, entirofinsa bit 1 ne. Na `aaaaaaaa` sifili ne. Jimlar kasuwa kuwa tana ba da kusan bit 3.3. A ɗaya ɓangaren, idan aka zuba haruffa 26 barkatai, kowanne daidai da ɗan'uwansa, adadin na doshin 4.7. Maganar mutane a tsakani take zama, shi ya sa ake sa iyaka biyu, ta ƙasa da ta sama.

Sai dai gajeren rubutu yana yaudarar wannan ma'auni. Haruffa 8 ba za su taɓa wuce bit 3 ba, kuma `sdfghjkl` daidai 3 yake bayarwa, ya fi "ina kwana" mai kusan 2.2. Don haka mai aikin ya daina yanke hukunci da entirofi a kan amsa mai kalma ɗaya ko biyu.

Akwai wasu ramukan na gida. Umarnin `[a-z]` bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Yana zubar da su, "ƙasa" ta koma "asa", lissafin wasula ya kumbura. Matasa kuma suna rubuta "slm" da "lfy", ba wasali amma da ma'ana, sai da aka yi musu jerin kalmomin da ba a taɓawa. A ƙasar Gwandu, inda aka gaji rubutun ajami tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo, wani da haruffan Larabci zai amsa, rariyar boko ta ga babu komai. Maganin shi ne a fara tantance irin haruffan kafin a soma ƙirge. Sannan Fulatanci da Zabarmanci na iya wucewa sumul, domin ma'aunan shirme suke ganewa, ba sa bambance harshe da harshe.

Yanzu tsarinsa shi ne: amsar da ta faɗi ma'auni biyu a ware ta gefe ba tare da an goge ba, wadda ta faɗi ɗaya kuma a miƙa wa mutum ya karanta. Duk ƙarshen mako yakan ɗebo wasu daga waɗanda aka ware ya duba da idonsa, in ya ga Hausa ta gaskiya a ciki sai ya sassauta iyakar.