Layuka biyu sun gitta, amma farashi ya riga ya yi nisa

Tun bayan da haƙar Notkoyin ta 2024 ta jawo matasa cikin harkar kirifto, nake zama da wasu a nan Kabo bayan sallar Isha'i ina koya musu karatun jadawalin farashi. Kusan kowa da doka ɗaya yake zuwa, wadda ya tsinta a waya: in layin MA 50 ya gitta saman MA 200 ka saya, in ya gitta ƙasa ka sayar. Na farkon shi ake ce wa goldin kuros, na biyun kuma det kuros. Na ga kuɗin da wannan doka ta cinye, ciki har da nawa, shi ya sa nake so a fahimci abin da layin nan yake aunawa.

Layin matsakaicin farashin kwanakin da suka wuce ne kawai. A ce buhun masara ya kwana biyar a kasuwar Gwarzo a kan naira dubu 40, a rana ta shida ya tashi zuwa dubu 50. Matsakaicin kwana biyar na ƙarshe zai zama dubu 42. Mai saye dubu 50 zai biya, amma layi yana dubu 42, domin tsofaffin kwanaki huɗu suna riƙe da shi. Sai sabon farashin ya kwana biyar layi zai cim masa. Haka MA 50 yake bin farashi a baya da kimanin kwana 25, MA 200 kuma da kimanin kwana 100. Kafin su biyun su haɗu, tafiyar da ta haɗa su ta daɗe da faruwa.

Abin da ya faru da Bitkoyin a 2020 shi nake buɗe wa ɗalibaina. A tsakiyar Fabrairu aka samu gittawar sama, farashi yana wajen dala 10,000. Wanda ya bi doka ya saya. Ranar 12 zuwa 13 ga Maris, da firgicin korona ya rikita kasuwannin duniya, farashi ya rufto zuwa wajen dala 4,000. Duk wannan ruftawa layukan ba su ce komai ba. Sai a ƙarshen Maris gittawar ƙasa ta bayyana, alhali farashi ya riga ya farfaɗo ya haura dala 6,000. Mutuminmu ya sayar a nan, ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku. A watan Mayu layukan suka sake gittawa sama, farashi ya koma sama da dala 9,000, ya sake saye da tsada abin da ya sayar da araha. Gaskiya ce wannan sayen na ƙarshe ya yi riba sosai, domin hawan da ya biyo baya ya kai har 2021. Inda layin yake da amfani ke nan, wato doguwar tafiya mai fuska ɗaya.

Inda ya fi cutar da yaranmu shi ne kasuwa mai kai-komo, wadda farashi ke lilo tsakanin rufi da daɓe. A nan layukan biyu suna kwanciya kusa da juna kamar igiyar da aka tufka, ƙaramin motsi ya isa ya sa su gitta. Wani ɗalibina ya nuna mini wayarsa, yana bin EMA 9 da EMA 21 a kyandir na minti 15. A yini biyu ya shiga ya fita sau bakwai, kowane karo ya saya kusa da rufi ya sayar kusa da daɓe, ga kuɗin caji a kowace shiga da fita. Ya ce, "Malam, ai an ce EMA ya fi sauri." Haka ne, domin yana ba sababbin kwanaki nauyi, amma saurin nan shi ke sa ya amsa kowace ƙaramar girgiza.

Na ce masa kafin ya kalli gittawa ya fara kallon dogon layin. In a kwance yake, ba ya hawa ba ya sauka, to babu tafiyar da za a bi. Sannan ya jira kyandir ya rufe, domin gittawar da ta bayyana a tsakiyar kyandir tana iya ɓacewa kafin ya ƙare. Kyandir na yini a yawancin manhajoji ƙarfe ɗaya na dare agogon Najeriya yake rufewa. Ya kuma auna tazarar da ke tsakanin farashi da layukan: in farashi ya riga ya yi musu nisa ƙwarai, mafi yawan tafiyar ta wuce shi.

Da muka koma kan cinikinsa bakwai ɗin nan da wannan ma'auni, biyar daga ciki sun faru ne a lokacin da EMA 21 yake kwance.