Yadda ake karanta sakamakon iskar jini a bakin gadon mara lafiya

Daga Agusta zuwa Oktoba, masassarar cizon sauro kan cika ɗakunan yara a asibitocin Yamai, har da Babban Asibitin Ƙasa da na Lamorde. Cikin yaran akwai masu jan numfashi mai zurfi da sauri, alhali in aka saurari ƙirjinsu huhun fes yake. Gwajin iskar jini, wanda ake rubutawa gaz du sang a takardar neman gwaji, shi ke bayyana abin da ke faruwa.

Jiki yana riƙe tsamin jini da abu biyu. Huhu na fitar da iskar CO2, wadda in ta taru takan ƙara tsami, ƙoda kuma na adana bikarbonat mai kashe tsamin. Huhu kan yi gyaransa cikin mintoci, ƙoda kuwa sai ta ɗauki kwana uku zuwa biyar. A jinin mai lafiya pH na tsakanin 7,35 da 7,45, pCO2 tsakanin 35 da 45 mmHg, HCO3 kuma tsakanin 22 da 26 mmol/L.

Mu ɗauki misalin yarinya mai shekara huɗu da aka kawo jikinta rau da zafi, tana haki. Sakamakonta ya nuna pH 7,26, pCO2 23, HCO3 10.

Da farko a tabbatar jinin da aka auna bai lalace ba. Kumfar iska a cikin sirinji tana rage pCO2, maganin hana daskarewar jini in ya yi yawa yana tsinka shi, jinin da ya daɗe ajiye cikin zafin Yamai kuma tsaminsa ƙaruwa yake. Saboda haka a fitar da kumfa, a toshe bakin sirinji, a kai shi na'ura kafin rabin awa.

Daga nan a dubi pH. Nata 7,26 ne, ƙasa da 7,35, ke nan jinin ya yi tsami. Da ya haura 7,45, da akasin haka ne, kamar yadda ake gani ga mai yawan amai.

Mataki na uku shi ne gano inda matsalar ta taso. Da huhu ne ya gaza, da pCO2 ya hau sama da 45. Nata ƙasa ya yi, bikarbonat kuma ya zube zuwa 10. Ashe tsamin daga cikin jiki yake fitowa, hakin da take yi kuwa ƙoƙarin huhu ne na rage shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa bikarbonat ƙasa da 15 cikin alamomin masassara mai tsanani.

Na huɗu shi ne wanda aka fi tsallakewa: shin taimakon huhun ya kai yadda ya kamata? Ana gane haka da lissafin Winters:

```
pCO2 = 1,5 × HCO3 + 8 (± 2)
```

Ga yarinyar nan lissafin ya ba da 23, daidai da abin da aka auna, don haka huhunta na aikinsa. To, a ce bayan awa uku an sake gwaji, pCO2 ya koma 40, bikarbonat na nan a 10. Wanda ya dubi 40 shi kaɗai zai ce an samu sauƙi, tunda adadin mai lafiya ne. Amma pH ɗinta ya faɗi zuwa 7,02. Yarinyar ta gaji da numfashi, ko kuwa suma ko farfaɗiya ta danne shi, tsamin huhu ya hau kan na jiki. Tana buƙatar a buɗe mata hanyar iska, a taimaka mata da numfashi nan take.

Na biyar, a nemi tushen tsamin ta hanyar giɓin da ake rubutawa trou anionique:

```
Na − (Cl + HCO3)
```

In Na ɗinta 134 ne, Cl kuma 100, giɓin ya zama 24, alhali na mai lafiya bai cika wuce 12 ba. Giɓi mai faɗi na nufin wani asid ya taru. A masassara galibi laktat ne, domin jajayen ƙwayoyin jini masu ɗauke da cutar suna toshe ƙananan jijiyoyi, ƙarancin jini kuma na hana tsoka samun iska. In giɓin bai faɗaɗa ba, sai a yi tunanin gudawa, inda bikarbonat ke zubewa ta hanji. Ga yaro mai tamowa a yi hattara, don ƙarancin albumin yana rage giɓin, ya ɓoye asid ɗin.

Maganin yana bin tushen ne. A yi mata allurar artesunat ta jijiya, a auna sukarinta a gyara, a ƙara mata jini in ya yi ƙasa sosai, a ba da ruwa da lura. Ba a gaggawar ɗura bikarbonat, domin a cikin jiki yakan koma CO2, ya ƙara wa huhun da ya riga ya gaji aiki. Inda babu na'urar gwajin, a riƙa ƙirga numfashi ana duban zurfinsa: in hakin ya lafa amma yarinyar ba ta farfaɗo ba, a ɗauka gajiya ce, a kira likita ba tare da jinkiri ba.